Shin kowane addini ya raba duniya gida biyu?

An daɗe ana maimaitawa a darussan zamantakewa cewa kowane addini ya raba duniya gida biyu: abubuwa masu tsarki da ake keɓewa, da abubuwan yau da kullum. Ba laifin masu faɗa ba ne, haka aka koyar da su. Sai dai wannan ra'ayi ne na Emile Durkheim, masanin Faransa, wanda ya kawo shi a 1912. Ya dogara da rahotannin masu bincike Spencer da Gillen kan mutanen Arunta na Ostareliya, shi kansa bai taɓa zuwa can ba.

Waɗanda suka zauna cikin jama'a sun ga wani abu dabam. Evans-Pritchard, masanin Birtaniya, ya lura cewa wurin bautar kakanni da ke tsakar gidan mutanen Azande na tsakiyar Afirka yana samun girma lokacin hadaya, amma sauran ranaku masu gida kan jingina māsu a jikinsa. Tsarkin yana bin lokaci da yanayi ke nan. Jack Goody ma, a 1961, ya nuna mutanen LoDagaa na arewacin Gana ba sa yin wannan rabo.

In ka ci karo da irin wannan magana, duba ko marubucin ya zauna da mutanen, kuma ko su ne suka yi rabon ko shi. Don Allah a tura wa ɗalibai wannan bayani.