Kwanakin aiki: lissafin da ake yi wa hawan ƙawara

Kwanan nan duk wanda aka miƙa wa makirufo a wurin ba da kwangila sai ka ji ya ce za a gama aiki "cikin kwanakin aiki 60". Da yamma mai karanta labarai ya ce wata biyu. Ba wata biyu ba ne. In ana hutun Asabar da Lahadi, kwanakin aiki 60 mako 12 ne cif, kusan wata uku ke nan, tun ma ba a sa hutun gwamnati a ciki ba. Ina zargin wasu 'yan kwangila da son kalmar saboda wannan ruɗanin: a kunne gajeren lokaci ne, a takarda kuwa dogo.

Masu lissafi a Excel da Google Sheets suna da dabarar da ke ƙirga wannan, sunanta NETWORKDAYS. Ba ruwanta da layin waya, ko da yake akwai masu zaton haka. NET ne da WORKDAYS a haɗe, wato ranakun aikin da suka rage bayan an cire na hutu. Ana ba ta ranar farawa, da ranar gamawa, sannan jerin ranakun hutu in akwai.

A ɗauka an ba da aikin gyaran ajujuwa daga Litinin 1 ga Satumba 2025 zuwa Juma'a 31 ga Oktoba 2025. A kalanda kwana 61 ne. An rubuta ranar farko a ɗakin A2 na jadawalin, ta ƙarshe a ɗakin B2:

```
=NETWORKDAYS(A2,B2)
```

Amsa 45. Ta zubar da Asabar takwas da Lahadi takwas. A nan mutane da yawa ke rufe kwamfuta, alhali da saura. Dabarar ba ta san hutun kowace ƙasa ba sai wanda aka gaya mata. A wannan tsakanin gwamnatin tarayya ta ba da hutun Mauludi ranar Juma'a 5 ga Satumba, ga kuma 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kai, da ta faɗo Laraba. Sai a rubuta su a D2 da D3:

```
=NETWORKDAYS(A2,B2,D2:D3)
```

Yanzu 43. Ranar 1 ga Oktoba ba ta motsi, ana iya rubuta ta tun farkon shekara. Amma hutun Sallah da na Mauludi suna bin ganin wata, sai lokaci ya matso Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bayyana su. Saboda haka duk lissafin da ya ƙetare Sallah kintace ne, dole a koma a gyara jerin bayan sanarwa. Hutun da ya faɗo Asabar ko Lahadi kuwa ba a cire shi sau biyu, ko da an sa shi a jerin.

Abin da ya fi haddasa gardama shi ne dabarar tana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka. Litinin zuwa Juma'a 5 ne, ba 4 ba. Ka ba ta ranar aiki ɗaya a matsayin farko da ƙarshe, ta ce 1. 'Yar'uwarta WORKDAY, wadda ke nemo ranar gamawa, ba ta ƙirga ranar farawa: ka ce mata kwana 5 daga Litinin 1 ga Satumba, in babu hutu, ta kai ka Litinin 8 ga wata. Ofis ya yi aiki da ɗaya, ɗan kwangila ya yi da ɗayar, sai a sami saɓanin kwana guda, kuma inda aka rubuta tara kan kowace ranar jinkiri, kwana guda kuɗi ne.

Sannan wa ya ce magina suna hutun Asabar? NETWORKDAYS mako na ma'aikacin gwamnati ta sani, ba na birkila da lebura ba. Ga wanda Lahadi kawai yake hutu akwai NETWORKDAYS.INTL, inda lamba 11 ke nufin Lahadi kaɗai, 16 kuma Juma'a kaɗai:

```
=NETWORKDAYS.INTL(A2,B2,11,D2:D3)
```

Wannan ta ba da 51. Aiki ɗaya, ga 61, ga 45, ga 43, ga 51, kuma kowa na da hujjarsa muddin takardar kwangila ba ta fayyace wane mako take nufi ba.

A kula da yadda ake shigar da kwanan wata. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta 5/9/2025 a matsayin 9 ga Mayu. Ba za ta nuna kuskure ba, hutun ne kawai zai faɗa wajen lokacin aikin, a ga 44 a inda ya kamata a ga 43. In lambar ta ƙi sauka bayan an ƙara hutu, a sauya tsarin ɗakin zuwa Long Date a ga sunan watan da ta fahimta.