Ba a hana doguwar wuta ba: abin da doka ta ce kan fitilun mota da dare

Kwana biyu ke nan magana ɗaya ake ta juyawa a wajen mai shayi a Aboabo, wai yanzu duk direban da ya kunna doguwar wuta da dare, wadda muke ce wa hai, 'yan sanda za su kama shi su ci shi tarar dubban sidi. Har wani dattijo mai jigilar doya daga Techiman ya rantse mini cewa tun da ya ji labarin da gajeriyar wuta, wato dim, kaɗai yake tafiya, daga tasha har Kumasi. Na tambaye shi, "Baba, gudun fa, kun rage?" Ya ce, "Yaro, in na rage gudu yaushe zan iso kasuwa?" Amsar nan tasa ce ta sa na zauna rubuta wannan bayani, don tsoron tarar da ba a fahimta ba ya jefa shi cikin abin da ya fi tara muni.

Babu inda aka haramta doguwar wuta. Da ita aka ƙera motar, kuma a hanyar daji marar fitilun titi, inda babu mai zuwa kuma babu wanda kake bi a baya, ita ce ta dace ka kunna. Ƙa'idar da ake koya wa duk mai neman lasin ita ce ka sauke ta zuwa dim idan mota ta tunkaro ka, ko ka matso bayan wata motar, ko ka shiga gari mai fitilun titi. Wannan ya hau kan kowa, mai tirela da mai trotro da mai tasi da mai pragya da mai babur.

Asalin jita-jitar wata magana ce dabam. Dokokin hanya na shekarar 2012, waɗanda aka fi sani da L.I. 2180, suna da sashe na 65 da ya yi bayanin fitilu. A 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, tare da 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, MTTD, sun tashi tsaye a kan ƙarin fitilun da ake jera wa motoci, aka ciro da yawa daga jikin manyan motoci, har aka riƙa kiran su fitilu masu kisa. Tun daga lokacin, duk sanda aka ga an tare wata mota ana kwance mata fitila, sai labari ya zagayo zango a karkace, a ce hai ɗin ce aka hana.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne lissafin fitilun. Dole mota ta kasance da fitilu biyu a gaba, ɗaya a kowane gefe, masu farin haske ko ruwan ɗorawa, yadda mai zuwa zai gane faɗinta. An yarda a ƙara wasu, amma fitilun tuƙi kada su wuce huɗu, kuma a haɗa wayarsu yadda biyu kaɗai za su riƙa ci a lokaci guda. Sannan kada a ɗora fitilar tuƙi a inda ta haura ƙasan gilashin gaba. Direbobi da yawa sun riƙe kalmar "huɗu" sun watsar da sauran. Sai mutum ya ce maka ai nasa huɗu ne cif, alhali duk huɗun suna ci tare, biyu kuma a kan rufi suke. Wannan ya karya ƙa'ida ta fuska biyu ko da lissafinsa bai wuce ba.

Dalilin maganar tsayi ba boyayye ba ne. Fitilar dim an yi ta ne ta sunkuyar da haske ƙasa, tana da iyaka a sama wadda hasken ba ya ƙetarewa, shi ya sa mai zuwa yake iya kallon gabansa. Dogon sandan fitilar nan da ake ɗaurawa a saman mota ba shi da wannan iyakar, ba shi da dim, ko dai a kunne ko a kashe. Daga can sama kuma kai tsaye yake sauka cikin idon mai ƙaramar mota. A nan ina ganin doka ta yi daidai, ko da yake na san abin da ke sa direbobi ƙara fitila: layin fenti ya goge, fitilun titi sun mutu, ga manyan motoci da suka lalace an bar su a kan hanya ba alama. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan a hanyar Accra zuwa Kumasi ba za ka ga laifinsa ba in ya nemi ƙarin haske. Sai dai hasken da ya ƙara wa kansa daga idon wani ya ɗebo shi, kuma wanda ya makantar ɗin nan shi ne yake tunkaro shi a guje.

Maganar tara kuwa, a dokokin Ghana ba a rubuta ta da sidi, da ma'auni ake rubutawa, kuma ma'auni ɗaya sidi 12 ne. Idan ka ji an ce tarar ma'auni 25, misali, sidi 300 ke nan. Laifin fitila yana iya jawo tara ko ɗauri na ɗan lokaci ko duka biyun, amma sai an same ka da laifin ta hanyar da doka ta tsara, kuma duk tarar da doka ta sani tana da takardarta. Inda abin yake yin nauyi da gaske shi ne idan aka yi haɗari. A nan zance ya bar sashen fitilu ya koma babbar dokar hanya ta 2004, mai lamba 683, wadda ta tanadi hukunci kan tuƙin sakaci da tuƙin ganganci. Idan rai ya salwanta, maganar gidan yari ake yi. Kuma cewa "ban gan shi ba, duhu ne" ba ta wanke direba, don tambayar da za ta biyo baya ita ce me ya sa kake gudun da ya fi ƙarfin abin da kake gani.

Mu dawo kan dattijon nan mai doya, mu yi masa lissafi. Dim mai kyau tana nuna maka hanya kamar mita 50 zuwa 60. Doguwar wuta tana kai mita 100 ko fiye. A gudun kilomita 80 a awa, mota tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga abu, ka gane mene ne, ƙafarka ta bar totur ta hau birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta tafi cikin sauƙi da dare, wato mita 33 ke nan ba ka ma fara tsayawa ba. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, zai ci wajen mita 35. Jimla mita 68. Haskenka ya ƙare a 50 ko 60. Ke nan duk abin da ya bayyana a ƙarshen haskenka, ka riga ka makara a kansa. Wannan lissafin ƙaramar mota ne ma. Motar da aka danƙara wa doya, ko hanyar da ruwa ya jiƙa, sai abin da ya ƙaru.

Sauko da gudun zuwa 50, wanda da ma shi ne iyakar cikin gari. Mita 14 a daƙiƙa, mita 21 kafin ka taka birki, mita 14 na birkin, jimla 35. Yanzu kana iya tsayawa a cikin haskenka har da saura. Shi ya sa hannun da ya sauke wuta zuwa dim ya kamata ya tafi tare da ƙafar da ta sassauta totur. Kuma mita 50 ɗin nan na abin da ke maido da haske ne. Mutum mai baƙaƙen kaya a gefen hanya, ko aboboya marar fitilar baya, sau da yawa sai ka zo kusa da shi ƙwarai kafin ya fito maka.

Idan kuma kai aka dalle wa ido, kada ka kalli fitilar. Tun 1974 Ghana take tuƙi a hannun dama, don haka ka mayar da idonka gefen dama na hanya, ka bi farin layi in akwai, in babu ka bi bakin kwalta, ka cire ƙafa daga totur. Kana iya ƙyafta masa wuta sau ɗaya don tunatarwa, wataƙila ya manta ne bai lura da shuɗiyar alamar da ke ci a gabansa ba. Amma ramuwar da muka saba, ya dalle ka ka dalle shi ku riƙe a haka, makafi biyu take haɗawa a hanya ɗaya. Bayan ya wuce ma ido yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya dawo daidai, kuma na mai shekaru ya fi jinkiri. A gudun 80, daƙiƙa uku na rashin gani mita 66 ne ka shafe a makance. In na bayanka ne ya dame ka, akwai ɗan maɓalli a ƙasan madubin ciki, ka tura shi hasken zai dushe.

Auna nisa da dare shi ma yana da yaudararsa. Ido yana ƙiyasta nisan mota ne da tazarar da ke tsakanin fitilunta biyu. Mota mai ido ɗaya sai ka ɗauka babur ne, ka ba ta wurin babur, alhali rabin jikinta yana cikin layinka. Duk fitila ɗaya da ka hango, ka ɗauke ta a matsayin babbar mota har sai ta nuna maka ba haka ba ne. Gudun mai zuwa kuma ba ya ganuwa daga fitila kaɗai, shi ya sa wuce mota da dare a hanya mai layi biyu yake cin rayuka. Wanda kake bi kuwa, ka lura da sanda ya wuce wani turke ko allo, ka ƙirga. In ka iso wurin kafin ka kai huɗu a nitse, ka matso da yawa.

Akwai kuma masu rantsuwa cewa a dim suke amma kowa sai ƙyafta musu wuta yake yi. Galibi ɗayan uku ne: an sa ƙwan LED a gidan fitilar da aka ƙera don tsohon ƙwai sai hasken ya watsu, ko kaya sun danne bayan motar gabanta ya ɗaga, ko motar asalinta ta ƙasar da ake tuƙi a hagu ce aka juya mata sitiya aka bar fitilunta suna ɗaga haske zuwa ɓangaren masu zuwa. Gwajin ba wuya. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka sa alama a bangon a daidai wannan tsayin. Kunna dim. Iyakar hasken ta sama ya kamata ta sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10, kuma in akwai inda ta ɗaga, a hannun dama ya kamata ya kasance. In ta haura alamar, ko babu wata iyaka sai haske a warwatse, ka kai ta wajen mai gyaran wutar mota a Magazin ta Suame, ka ce ya saita ta a gaban bango kana tsaye kana gani.