Daidaituwar dare da yini: me ya sa kwanan watanta ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Malam, a makaranta an koya mana 21 ga Maris ne dare da yini ke daidaita, amma yanzu 20 nake gani a kalanda. Wa ya yi kuskure?

Babu wanda ya yi kuskure. Abin da masana falaki ke lissafawa lokaci ne guda, da awarsa da mintinsa, sai daga baya a duba kwanan watan da ya faɗa. Duniya a karkace take da kusan digiri 23.4 yayin da take kewaya rana, shi ya sa muke ganin rana tana tafiya arewa wata shida, ta koma kudu wata shida. Masana sun raba hanyar da rana take bi a sararin sama a shekara zuwa digiri 360. Digiri 0 shi ne lokacin da tsakiyarta ke ƙetare saitin layin ikwaita zuwa arewa a watan Maris. A digiri 90 ta kai ƙarshen tafiyarta ta arewa, cikin Yuni, ranar da yini ya fi tsawo a wajenmu. A 180 ta sake ƙetarawa zuwa kudu a Satumba, a 270 ta tuƙe a kudu cikin Disamba.

To me ke sa lokacin yake matsawa?

Nan ne gizo ke saƙar. Daga daidaituwa zuwa ta baɗi, kwana 365 ne da awa 5 da kusan minti 49, kalanda kuwa cikakkun kwanaki kawai ta sani. Wannan rarar ce ke tura lokacin gaba kowace shekara. Duba ta watan Maris da agogon Najeriya da Nijar: a 2020 ta faɗo ƙarfe 4:50 na asuba, a 2021 ƙarfe 10:37 na safe, a 2022 ƙarfe 4:33 na yamma, a 2023 ƙarfe 10:24 na dare, duk ran 20 ga wata. Da an ci gaba a haka, ta 2024 sai ta tsallaka zuwa asubar 21. Amma Fabrairun shekarar ya yi kwana 29, sai ta dawo ran 20, ƙarfe 4:06 na asuba.

Ka kwatanta 4:50 na 2020 da 4:06 na 2024, ka ga ba ta koma daidai inda ta taso ba. Rarar shekara huɗu awa 23 ce da 'yan mintuna, mu kuma awa 24 cur muke ƙarawa, wato mun biya fiye da bashin da ake bin mu da kusan minti 45. Haka lokacin ke ja da baya sannu a hankali, har 21 ga Maris ta kuɓuce mana a wannan ƙarni. Malamanka sun karantar da abin da ya kasance gaskiya a yawancin ƙarnin da ya wuce. Gyaran yana cikin tsarin da Paparoma Gregory na 13 ya kawo a 1582: shekarar cikar ƙarni ba ta samun 29 ga Fabrairu sai in 400 ta raba ta ba saura. Shekarar 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba, daga nan kwanakin za su sake matsawa gaba.

Bambancin agogon ƙasashe ma yana taka rawa. Lokacin nan na asubar 20 ga Maris 2024 a Kano, a Amurka daren 19 ne.

In Maris 20 ce, me ya sa ta Satumba ke kaiwa 22 ko 23?

Saboda hanyar duniya ba cikakkiyar da'ira ba ce. A farkon Janairu ta fi kusa da rana, gudunta ya ƙaru. A farkon Yuli ta fi nisa, gudun ya ragu. Don haka daga Maris zuwa Satumba kusan kwana 186 ne, dawowa kuma 179.

Mutum zai iya gane wannan da kansa, ba na'ura?

Zai iya, kuma ina son a riƙa gwada wa yara. Kafa sanda a miƙe a daidaitaccen fili, ka yi alama a bakin inuwarta duk bayan awa ɗaya. Ranar daidaituwa alamomin suna jeruwa a kan miƙaƙƙen layi daga yamma zuwa gabas, sauran ranaku layin lanƙwasa yake yi. A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da ikwaita, inuwar tsakar rana a ranar gajeriya ce, tana fuskantar arewa. A Yuni kuwa rana ta wuce mu zuwa arewa, inuwar ta juya kudu.

Sai dai sandar tana da iyaka. A Maris da Satumba rana na matsawa kusan digiri 0.4 a kwana ɗaya, canjin yana fitowa a inuwa. A Yuni da Disamba kamar ta tsaya cak take, kwanaki da dama ba za ka ga bambanci ba. Dabarar ita ce ka auna inuwar tsakar rana makonni kafin lokacin, ka jira ranar da ta dawo daidai wannan tsawo bayansa, sai ka ɗauki tsakiyar kwanakin biyu.