Fitowa marar magana a darasin rubutun fim

Fitowa marar magana ita ce fitowar fim da ake rubutawa ba tare da kowa ya buɗe baki ba, labarin ya fito daga abin da mutane ke yi, da kayan da ke hannunsu ko kewaye da su, da yadda kyamara ta zaɓi abin da za ta nuna. Malaman rubutun fim kan ba ɗalibai wannan aiki tun a farkon karatu. Yawanci shafi ɗaya zuwa uku ake nema, a wuri ɗaya, da mutum ɗaya ko biyu. Da yake a tsarin rubutun fim ana ƙiyasta shafi ɗaya da kusan minti ɗaya a allo, fitowar ba ta cika wuce minti uku ba.

Sharuɗɗan sukan bambanta daga malami zuwa malami, amma mafi yawa suna hana hira da muryar mai ba da labari, su kuma taƙaita rubutun da za a karanta a allo, kamar wasiƙa ko saƙon waya. Ƙarar abubuwa ba ta cikin hanin. Ƙarar ƙofa, kukan zakara, kiran salla daga nesa, duk ana iya rubuta su, domin magana aka hana, ba sauti ba.

Asali

Aikin ya samo tushe daga zamanin fim marar murya, wanda ya fara shuɗewa bayan fitowar The Jazz Singer a 1927. A wancan lokaci ana sa allon rubutu tsakanin hotuna don bayani, amma wasu masu fim sun yi ƙoƙarin rage shi. Fim ɗin Jamus Der letzte Mann na 1924, wanda Carl Mayer ya rubuta, F. W. Murnau ya ba da umarni, kusan babu irin wannan allo a cikinsa. Labarin wani tsohon mai tsaron ƙofar otal ne da aka mayar mai kula da banɗaki, kuma nauyin labarin duka yana kan rigar aikinsa mai maɓallai: yadda yake tafiya da ita a unguwa, da yadda ya koma bayan an tuɓe masa ita.

A Rasha kuma, tsakanin ƙarshen shekarun 1910 da farkon shekarun 1920, Lev Kuleshov ya yi gwajin da har yau ake koyarwa. Ya yi amfani da hoton fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin, fuskar da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da yarinya a akwatin gawa, sannan da mace a kishingiɗe. An ruwaito cewa 'yan kallo sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Abin da ɗalibi ke ɗauka daga nan shi ne ma'ana tana fitowa daga jera hoto bayan hoto, ba lallai daga fuskar ɗan wasa ba.

Ƙa'idar rubutun

Ba a rubuta abin da kyamara ba za ta iya ɗauka ba. Jimla irin “Ladi ta tuna wahalar da uwarta ta sha” ta dace da littafi, amma a fim ba ta da hoto, kuma idan aka miƙa wa darakta ita sai ya tambaya me zai ɗauka. Kalmomin da malami kan fara sa wa jan biro su ne ta tuna, ya gane, ta ji tausayi, ya yanke shawara. Kowace daga cikinsu sai an musanya ta da aikin da ido ke gani: ta tsaya cak, ya mayar da kuɗin aljihu, ta ture kwanon zuwa gabansa.

Sai dai wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne dalilin shirun. Idan mutane biyu suna yanayin da kowa zai yi magana a cikinsa, marubuci kuma ya toshe musu baki don kawai an hana hira, sai su koma nuni da hannu da ɗaga kafaɗa, ɗan kallo ya riƙa tambayar kansa me ya hana su magana. Shirun yana buƙatar hujja daga cikin labarin. Ko dai mutum shi kaɗai ne, ko wani na barci, ko yana ɓoye abu, ko maganar ta fi ƙarfin baki. A nan ɗalibi Bahaushe yana da abin aiki a hannu: kunya da kara. Akwai uwar da ba ta nuna wa ɗan fari so a fili, da surukin da ba ya cin abinci a gaban surukinsa, da 'yar da ba ta haɗa ido da mahaifinta. A irin wannan alaƙa shiru ɗabi'a ce, ba dabarar marubuci ba, kuma abin da baki ya ƙi faɗa hannu ne ke faɗinsa.

Misali

A ce an ba ɗaliba jigon sadaukarwa. Tunaninta na farko shi ne uwa ta sayar da keken ɗinkinta don ta biya wa 'yarta kuɗin jarrabawa. Wannan labari ne, bai zama fitowa ba tukuna, domin yana da kasuwa, da dillaliya, da makaranta, da kwanaki. Sai ta tambayi kanta: a wane lokaci ne guda ɗaya wani abu ke canzawa? Amsar ita ce lokacin da 'yar ta gano. Don haka cinikin ya riga ya wuce kafin fitowar ta fara, kuma keken ba zai bayyana ba sam. Gurbinsa ne zai yi aikin.

Ana buɗe fitowa da layin da ke faɗin wuri da lokaci. `INT.` na nufin cikin ɗaki, `EXT.` na nufin waje. Bayan haka ana rubuta aikin kamar yanzu yake faruwa:

```
INT. ƊAKIN INNA - SAFE

LADI, 17, cikin kayan makaranta, tana share ɗaki. Takalmanta
suna bakin ƙofa, jakarta tana rataye a ƙusa, ta yi ƙura.

Tsintsiyar ta tsaya a gindin taga. Tabo huɗu a kan ledar
ƙasa. Ɗigon man keke a tsakaninsu.

Ta ƙofa: INNA, 45, a kan tabarma a tsakar gida, tef ɗin awo
a wuyanta, tana ɗinka riga da allura da zare.

Ladi ta sauko da jakar. Rasit mai hatimi a saman littattafai.
```

Kowane layi yana ɗauke da aiki. Jakar da ta yi ƙura ta nuna an jima ba a je makaranta ba. Tabo huɗun sawun ƙafafun keke ne, amma su kaɗai ba za su isa ba, don ɗan kallo na iya ɗauka tebur aka ɗauke. Ɗigon mai da tef ɗin awo da ɗinkin hannu su ne suka tabbatar masa. Jerin ma da gangan ne: gurbi, sannan uwa, sannan rasit. Da rasit ɗin ya zo da farko, da ɗan kallo ya ga labari mai daɗi kawai. Da ya zo a ƙarshe, sai ya zama amsar tambayar da ɗan kallo ya riga ya yi wa kansa.

Akwai rauni ɗaya a daftarin da mai karatu mai lura zai kama: idan jakar ta yi ƙura, me ya sa Ladi ke sanye da kayan makaranta tun kafin ta ga rasit? A gyara, sai a fara da ita cikin kayan gida, kayan makarantar kuma a same su a goge, an ninke a ƙarƙashin jakar. Yanzu fitowar ta sami canjin da ido zai gani, daga zanen gida zuwa kayan makaranta.

Saura ƙarshe, inda aka fi samun kuskure. Daftarin farko na ɗalibai da yawa kan sa 'yar ta fashe da kuka ta rungume uwar. Hawaye ba sa gaya wa ɗan kallo abin da bai riga ya sani ba, kuma a gidan da ake kara, rungumar ba lallai ta yi kama da gaskiya ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne aiki ƙarami. Ladi ta fito a shirye. Inna tana ta ƙoƙarin zura zare a kafar allura, yana kuɓucewa. Ladi ta durƙusa, ta karɓi allurar, ta zura zaren, ta miƙa mata. Ba su haɗa ido ba. Ladi ta sa takalmi ta fita, Inna ta ci gaba da ɗinki. Allurar ta ba su abin da hannuwansu za su haɗu a kai, ta kuma nuna tsadar abin da aka yi, tunda idon Inna bai dace da ɗinkin hannu ba kuma.

Tsarin ɗauka a takarda

Marubuci ba darakta ba ne, kuma malamai da yawa ba sa son a cika rubutu da umarnin kyamara irin su `CLOSE ON` da `CUT TO:`. Hanyar da ake koyarwa ita ce a bar jimla ta zaɓi girman hoton. “Tabo huɗu a kan ledar ƙasa” ba za a iya ganinsa ba sai daga kusa, don haka ya zama ɗaukar kusa ba tare da an ambace ta ba. “Ta ƙofa” ya sa Inna a nesa, ƙofa ta kewaye ta, kuma ya nuna da idon Ladi muke kallo. Sabon sakin layi na nufin sabuwar ɗauka, shi ya sa ake taƙaita kowanne zuwa layi uku ko huɗu. Jimla gajera tana saurin karantuwa, saboda haka tana ba da saurin yanka hoto. Doguwa tana riƙe ido a wuri ɗaya.

Kaya kuwa, ɗaya mai nauyi ya fi biyar. Ɗalibi kan tara hoton mamaci, da agogon da ya tsaya, da fure busasshe a ɗaki guda, kowanne yana neman a kalle shi. Kayan da ke aiki shi ne wanda wani ya taɓa, ya ɓoye, ya miƙa ko ya rasa, wato wanda matsayinsa ya canza tsakanin farkon fitowa da ƙarshenta.

Yadda ake auna aikin

A aji, ana miƙa rubutun ga wanda bai san labarin ba, marubuci kuma ya yi shiru. Ana tambayar mai karatu su wane ne waɗannan mutane, me ɗaya daga cikinsu ke so, me kuma ya canza. Idan a misalin Ladi ya ce ɓarawo ne ya ɗauke keken, to alaƙar gurbin da rasit ɗin ba ta fito ba, sai a matso da su kusa da juna, ko a sa Ladi ta dubi rasit ɗin sannan ta sake duban tabon. Idan ya ce Inna 'yar aiki ce, to akwai abin da ya ɓace a yadda su biyun ke zama da juna. Wasu malamai kan ƙara mataki: a ɗauki fitowar da waya, a nuna ta a aji a kashe sauti, a rubuta daƙiƙar da 'yan aji suka fara tambayar juna abin da ke faruwa. Layin da ya dace da wannan daƙiƙa a takarda shi ake sake rubutawa.