Waiwaye: wa ya raɗa wa unguwannin Kaduna suna?

In ka tsaya a Kawo ko Bakin Ruwa ka saurari kwandastoci da ƴan Keke suna kiran fasinja, Rigasa, Hayin Ɗanmani, Mando, Unguwar Dosa, Hayin Banki, zai yi wuya ka ji sunan da wani kwamiti ya zauna ya zaɓa. Gwamnati tituna ta saba raɗa wa suna, unguwa kuwa mutane ne ke yi mata, daga baya hukuma ta zo ta tarar da shi ta rubuta a takarda kamar dama ita ta kawo.

Abin ya samo asali tun kafuwar garin. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, suka shata inda suke so, wato bariki da ofisoshi da unguwarsu da kuma Sabon Gari na ma'aikata da ƴan kasuwa, shi yasa tsakiyar gari titunan a miƙe suke da sunaye irin na ofis, titin Legas, titin Ibadan, titin Katsina, titin Kano. To amma leburori da mahauta da masu sayar da itace da iyalan sojoji fa, su ma ai sai sun kwana. Sai suka zauna a gefen abin da aka shata, kuma tunda babu taswira sai suna kiran wuri da abin da ido ke gani ko da mutanen da ke wurin. Unguwar Shanu, Unguwar Rimi, Unguwar Kanawa, Tudun Nufawa duk kana ji ka san dalili. Ga kuma ƙauyukan Gbagyi irinsu Kakuri da gari ya zo ya haɗiye da sunansu, wanda da yawanmu muna faɗa kullum ba mu ma san ba Hausa bane.

Da masaƙa ta buɗe a Kakuri a 1957 aka shiga zamanin kamfanoni, sai suna ya koma bin wurin aiki. Kabala Kosten daga kamfanin gine-ginen nan na Turawa ta samo rabin sunanta, don a bambanta ta da Kabala Doki. Unguwar Talbishin kuma tashar watsa shirye-shiryen da ke kusa ce ta ba ta, yau yaron da aka haifa a can zai ce maka shi ɗan Talbishin ne ko a jikinsa.

Amma inda abin ya fi fitowa fili shi ne bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da mutane suka riƙa sayar da gidaje ko musaya suna komawa inda suke ganin nasu sun fi yawa. Ɓangaren Rigasa ya cika ya batse, haka ɓangaren Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora, gonaki suka zama unguwanni cikin ƴan shekaru, ba tare da wani ya jira shatar gwamnati ba. A nan ne Hayin wane da Hayin wane suka yawaita, don kusan duk sabon matsuguni sai ka tsallaka wani rafi ko kwari kafin ka kai.

Bari mu ɗauki misali, a ce wata gona ce a bayan Rigasa, mai ita ya rasu magada suna son kuɗi. Sai a kira dillali da mai unguwa, a zo da igiya ko tef a yanka filaye ƙafa 50 a 100, wasu ma a raba biyu a yi 50 a 50, a bar hanya ƴar siririya a tsakani. A wannan lokacin wurin bai da suna, ana cewa gonar su wane ne kawai. Wanda ya fara tarewa a ce mai buga bulo ne, ya haƙa rijiya ya kafa rumfa, duk mai tifar da zai kawo yashi sai a ce masa ka tsallaka rafi ka tambayi wurin mai bulo. Ɗan acaɓa ya ji, ya yanka wa wurin kuɗinsa daban saboda hanyar ba kyau, kuma daga ranar da wuri ya samu farashi a bakin ƴan acaɓa to ya samu suna, Hayin Mai Bulo. Ni a ganina nan ne ainihin raɗin sunan yake, sauran duk tabbatarwa ce.

Tabbatarwar kuma takarda ce. Mai sayen fili na goma za a rubuta masa takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu da hatimi, kuma dole a rubuta inda filin yake, marubucin ba zai ƙirƙiro komai ba, abin da ake faɗa zai sa. Sai Islamiyya ta buɗe ta rubuta a allonta, masu gida su haɗa kuɗin turansifoma su kai takarda ofishin wuta da sunan, in jama'a sun yi yawa a kawo rumfar zaɓe a sa mata sunan, hakimi ya naɗa wa wurin mai unguwarsa. Mai bulon ƙila ya daɗe da sayar da gidansa ya tashi, babu mai tunawa da fuskarsa, amma sunan na nan a katin zaɓen mutane.

Matsalar irin wannan suna shi ne bai da iyaka, ba wanda zai nuna maka inda Hayin Mai Bulo ya ƙare na gaba ya fara, kuma dillalai sun san haka sarai. Fili yana can cikin kwari amma za a jingina shi da unguwar da ta yi suna, a ce maka bayan kaza ne ko sabuwar kaza, don farashi ya hau. Shi yasa mai hankali baya sayen suna, zai je da ƙafarsa, ya tambayi ɗan acaɓa nawa ne zuwa wurin kuma me suke kiransa, ya duba hatimin wane mai unguwa ne a takardar, in mai unguwar da ya sa hannu ba shi maƙwabtan filin suke kai wa ƙara ba to akwai magana. Sannan ga tagwayen suna, Sabon Gari da Tudun Wada da Nasarawa da Unguwar Gwari ba ɗaya bane ba biyu ba a jihar nan, ga rubutu da ke bambanta, wani ya rubuta Abakwa wani Abakpa, takardun gida ɗaya su zo da adireshi iri biyu. Tun da aka kafa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, a zamanin gwamnatin El-Rufa'i, mai neman takardar mallaka lambobin awo ake ɗaukar wa filinsa, wannan ya rage rigimar ina ne wurin, amma sunan da ake cikewa a fom har yanzu na bakin mutane ne.

Ko titunan da hukuma ke da iko a kansu ma ba kullum take cin nasara ba. An mayar da titin Waf zuwa sunan Muhammadu Buhari, babbar kasuwa kuma sunan Sheikh Abubakar Gumi ke jikinta a hukumance, amma ka tare ɗan Keke ka ce masa Waf Rod ko ka ce Santaral Maket ba zai tambaye ka ina ne ba. Sabbin rukunin gidajen da ake ginawa ta ɓangaren Ɗanbushiya suna zuwa da sunayen Turanci a rubuce a bakin get, mai kai kaya kuwa in ya kira waya tambayarsa ɗaya ce, kusa da wane masallaci ko wane gidan mai.