Talla a watan azumi: amsoshin tambayoyin masu sayar da kaya ta waya

Anti, ƙarfe nawa ya kamata in riƙa ɗora kaya a Status ɗin WhatsApp da azumi?

Bayan asham. Kowace shekara sai na faɗi wannan. A nan Kano, idan azumi ya faɗo wajajen Fabrairu da Maris, ana shan ruwa kusan shida da rabi, a yi isha, a bi asham, a dawo a ci abinci mai nauyi. Wajen tara na dare ne mace ke samun zama ta ɗauki waya, har zuwa sha ɗaya. Lokaci na biyu shi ne bayan sallar asuba, kafin mutane su koma barci. Shi gajere ne, hoto biyu ko uku ya isa.

To da yamma fa? Ni lokacin nake samun sarari.

Ke ce kike da sarari, mai sayen ba ta da shi. Daga la'asar zuwa magariba tana kan markaɗen ƙosai, damun kunu, feraye dankali da haɗa zoɓo. Maza kuma suna wajen tafsiri ko suna kan hanya suna sauri kada magariba ta riske su a waje. Status awa 24 yake yi, gaskiya ne, amma kafin ta huta wasu sun ɗora nasu sun danne naki. Ki ɗauki hotunan da rana lokacin da haske yake da kyau, ki rubuta farashi ki ajiye, dare ya yi ki ɗora.

Ni ƙanƙara da zoɓo da kayan buɗa-baki nake sayarwa, ni ma sai dare?

A'a, Malam, naka daban ne. Ka yi talla da hantsi, ka rufe karɓar oda da azahar, ka kai kaya kafin biyar. Wanda ya turo oda bayan la'asar ka ce masa sai gobe. Kai wa mai azumi kayan shan ruwa bayan an sha ruwa ya fi ƙin karɓar odar muni.

In sa ayoyi da hadisai a jikin tallata don ta dace da watan?

Kada ki yi. Ba a liƙa ayar Alƙur'ani a saman hoton leshi da farashi a ƙasa. Idan kina son tunatarwa, ki yi ta ita kaɗai, a wani lokaci daban, kuma ki tabbatar da ingancin abin da kike yaɗawa. A talla "Barka da shan ruwa" ta wadatar. Ki cire kiɗa daga bidiyon kayanki, domin da yawa suna kauce masa a wannan wata, kuma da sun ji shi za su wuce ba tare da sun kalli kayan ba. Ki yi magana da muryarki: sunan yadi, yadi nawa ne, nawa ne kuɗinsa.

Sai rantsuwa. Ina ganin masu rubuta "wallahi saura biyu" alhali suna da dila guda a ajiye a ɗaki, da bakin azumi. Hadisi ya tabbata cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Wannan yana ɓata min rai ƙwarai, kuma masu saye suna ganewa idan "saura biyu" ta kwana goma ba ta ƙare ba.

Kwana biyar da fara azumi ban sayar da komai ba, ko an yi min baki ne?

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, babu wanda ya yi miki komai. A goman marmari kuɗin gida yana tafiya ne wajen sukari, gero, mai, ƙwai da dabino. Kasuwar Singa ce ke cika a lokacin, 'yan Kantin Kwari suna jiran nasu. Ki ci gaba da nuna kaya, masu kallo suna zaɓe a zuci.

Anti, in yi rangwamen azumi ko kada in yi? Kowa yana yi, ina tsoron a bar ni.

Wannan ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai, domin ya danganta da irin kayanki, da ribar da ke kansu, da kuma ko da kuɗinki kika saro ko bashi ne. Amma bari mu yi lissafi, tunda yawancinku ba kwa yi.

A ce kin saro atamfa turmi 20, kowane a naira 12,000, kina sayarwa 15,000. Ribarki 3,000 a turmi, 60,000 idan duk suka tafi. Sai kika ga wata ta rubuta rangwamen kashi 10 cikin 100, ke ma kika bi. Kashi goman nan daga kuɗin sayarwa ake cire shi, wato 1,500, amma daga ribarki yake fita. Riba ta koma 1,500 a turmi. Kin raba ta biyu. Kafin ki sake ganin 60,000 ɗin nan sai kin sayar da turmi 40, kuma 20 kike da su. Ban ma sa kuɗin data, leda da ɗan Adaidaita da ya ɗauko miki kayan daga kasuwa ba. Idan kika ƙara da "kaiwa kyauta", ana iya wayar gari kina yi wa mutane aikin banza da ƙishirwa a maƙogwaro.

Abin da ya fi farashi tasiri a kan yadi shi ne tela. Atamfa, leshi da shadda ba a sa su sai an ɗinka, kuma tela mai kasuwa yakan daina karɓar ɗinkin Sallah tun wajen tsakiyar wata, wani ma kafin nan. Saboda haka mai sayen yadi tana sauri ne tun daga ƙarshen Sha'aban zuwa kusan azumi 15. A wannan tsakanin ba ta buƙatar rangwame, tela ne ke kora ta zuwa wajenki. Abin da za ki yi shi ne ki tuna mata: "Hajiya, ki ɗauka yau ki kai ɗinki kafin telanki ya rufe." Wannan gaskiya ce, kuma ba ta ci miki ko kwabo ba.

Idan an kai azumi 18 ko 20 kuma turmi shida sun rage, lissafi ya canja. Nan ne zan iya cewa ki rage, amma da sharaɗi. Idan kayan bashi ne kuma mai su a kasuwa yana jiran kuɗinsa kafin Sallah, ki sauke zuwa 13,500 ki fitar da su, amanarki ta fi 9,000 ɗin da za ki rasa a turmi shidan. Idan kuɗinki ne kuma zanen ba mai saurin fita yayi ba ne, ba dole ba ne. Bayan ƙaramar Sallah bukukuwa na dawowa, ana neman anko da kayan lefe, sannan babbar Sallah na tafe bayan wata biyu da kwana goma. Atamfa ba ta ruɓewa. Idan kuwa zanen yayi ne wanda kowa ya ɗinka bana, wataƙila gara ki rabu da shi yanzu. Ke kika san kayanki, ni ban gan su ba.

Masu kayan da ake sawa kai tsaye, abaya, mayafi, takalmi, jaka, huluna da kayan yara na kanti, ku naku ya juya. Goman ɗokin Sallah ne lokacinku, don duk wanda tela ya ƙi karɓar nasa wajenku zai zo. Rage farashi a wannan goman asara ce kawai. In za ku rage, ku rage a farkon wata ga wanda zai biya da wuri, kuɗin su ba ku damar ƙaro kaya kafin kasuwa ta yi tsada.

Ni abin da ya fi yi min aiki shi ne haɗi. Turmi ɗaya da mayafin da ya shiga da shi, in rage ɗan abu a kan mayafin kawai. Ko in bar mace ta ba da rabi, in ajiye mata zuwa ranar da muka yanka, ta cika ta ɗauka. Sai dai a kula da ranar albashi. Watan azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka wani lokaci albashi yana faɗowa a tsakiyarsa, wani lokaci dab da Sallah. Idan masu sayenki matan ma'aikata ne, ki duba kalanda tun kafin ki sa ranar cikawa. Na taɓa ajiye wa mata bakwai kaya, na sa ranar cikawa kwana huɗu kafin a biya albashi, biyu kaɗai suka cika a kan lokaci. Laifina ne, ban duba ba.

Sau nawa zan ɗora a rana?

Hoto biyar zuwa bakwai da dare, kowane da farashinsa. Masu jera hoto arba'in, ku daina, ba mai ƙarasa kallo.

Mutane na turo saƙo ƙarfe biyu na dare, dole in amsa?

Ba dole. A goman ƙarshe masu tahajjud suna farke, shi ya sa. Ke ma kina da ibadarki da barcinki. A WhatsApp Business akwai Away message, wato saƙon da ke amsa wa mutane da kansa idan ba kya kusa, ki saita masa lokaci, ki rubuta: "Barka da ibada. Ina amsa saƙo daga goma na safe zuwa azahar, da kuma bayan asham." Amma idan kin faɗi lokaci ki cika shi.

Ta yaya zan san lokutan da kika faɗa sun dace da nawa mutanen?

Ki gwada mana. Idan kika buɗe jerin waɗanda suka kalli Status ɗinki, ana nuna lokacin da kowa ya kalla. Kwana uku ki ɗora bayan asham, kwana uku bayan asuba, ki rubuta a takarda mutum nawa suka tambayi farashi. Masu tambaya za ki ƙirga, yawan masu kallo ba ya nuna ciniki. Idan masu sayenki ma'aikatan ofis ne a Abuja, ko rabinsu ba sa azumi, sakamakonki zai bambanta da nawa, sai ki bi naki.

Yaushe zan daina karɓar odar wasu garuruwa?

Azumi 24 ko 25, kuma ki sanar tun azumi 15. Daga nan tasha ta cika da masu tafiya gida Sallah, direba ya fi son fasinja a kan saƙo, kuɗin aike ya tashi. Ga shi watan na iya ƙarewa a 29, kada ki yi lissafi da 30. Na cikin gari ki kai da safe. Ɗan saƙon ma azumi yake yi, kada ki tura shi Hotoro daga Kabuga ana saura rabin awa a kira magariba.