Matacin gahawa: me ya raba na takarda, na ƙarfe da na ƙyalle?

Abin da masu sayar da kayan gahawa ke kira filta mataci ne kawai, wato abin da ke tare garin gahawa ya bar ruwan ya sauka cikin kofi. Sai dai ba gari kaɗai yake tarewa ba. Gahawa tana da maiƙo, tana kuma da ƙurar gari mai laushi da niƙa ke fitarwa. Yadda mataci ke yi da waɗannan biyun shi ne duk bambancin.

A ɗauki giram 15 na gari da ruwan zafi mililita 250, a tace da kowane mataci daban-daban. Na takarda zai ɗauki kamar minti 3, ya fito garau, har kana hango gindin kofin gilashi. Takarda ta shanye maiƙon, ta tare ƙurar, don haka ruwan ba nauyi a baki, amma ɗan tsami da ƙamshin 'ya'yan itace irin na gahawar Habasha sukan fito fili. Wata Bajamushiya, Melitta Bentz, ce ta ƙirƙiro matacin takarda a birnin Dresden a 1908, da takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta. A fara ɗauraye takardar da ruwan zafi, in ba haka ba za a ji ɗanɗanonta. Wanki babu, a naɗe a yar, amma saye ba ya ƙarewa.

Na ƙarfe hujojinsa manya ne. Maiƙo yana wucewa, za ka gan shi yana ƙyalli a sama, ruwan ya yi kauri, kurɓin ƙarshe kuma da tsaki-tsaki. Idan laka ta taru a gindi, niƙan ya yi laushi, sai a ƙara masa tsaki. Sau ɗaya ake sayensa ya yi shekaru. Mai fama da kitsen jini ya sani cewa a cikin maiƙon nan akwai sinadarin kafestol mai ɗaga kolestarol, wanda takarda ke tare yawancinsa.

Ƙyalle ne, a ganina, ya fi daɗin sha, shi ne kuma ya fi wahala. Duk wadda ta taɓa tace kamu ta san halinsa. Yana tare ƙura kusan kamar takarda, ya bar ɗan maiƙo ya wuce, sai ka samu ruwa mai tsabta mai santsi. A Japan ana ji da shi ƙwarai. Matsalar ita ce maiƙon da ya maƙale a zare yana lalacewa ya yi wari. Ba a sa masa sabulu, domin ƙamshin zai bi gahawar. Ana ɗauraye shi nan take, a tafasa lokaci-lokaci, a ajiye cikin ruwa a firiji, abin da ke da wuya inda wuta ba ta zama. Da ka ji yana warin tsohon tsumma, ko ruwa ya daina sauka da sauri, lokacin sake shi ya yi, galibi bayan 'yan watanni.